Alkawari Ne Ko Bayani? Yadda Ake Tantance Maganganun Ciniki a Jarrabawar Dokar Kwantiragi

A jarrabawar dokar kwantiragi akwai irin tambayar da malami yake tsara ɗan labari, mutum biyu su yi ciniki, ɗaya ya faɗi wasu maganganu kafin a ƙulla, daga baya a gano maganganun ba haka suke ba, sai a ce wa ɗalibi ya ba wanda aka cuta shawara. Ɗalibai da yawa da zarar sun ga an faɗi abin da ba gaskiya ba sai su ruga su rubuta cewa an saɓa kwantiragi, a biya diyya. A nan maki yake zubewa, domin akwai tambayar da take gaban wannan: shin maganar da aka faɗa ta shiga cikin kwantiragin kuwa, ko a bakin ƙofa ta tsaya?

Dokar kwantiragi da ake koyarwa a jami'o'in Najeriya ta samo tushe daga dokar Ingila wadda alƙalai suka gina ta hanyar hukunce-hukuncensu, shi ya sa yawancin shari'o'in da za mu ambata na can ne. Wannan doka ta kasa maganganun da ake yi lokacin ciniki gida uku. Na farko shi ne kirarin ɗan kasuwa, irin su "wannan kaya babu na biyunsa". Ba wanda yake ɗaukar irin wannan a matsayin abin da za a auna, saboda haka doka ba ta ɗora masa komai. Na biyu shi ne bayani, wato magana a kan wani abu da yake wanzu ko ya taɓa faruwa, wadda ta ja mai saye ya shiga cinikin, amma mai faɗarta bai ɗauki alkawarin cewa lallai haka take ba. Na uku shi ne sharaɗi, wato maganar da ta zama ɓangaren yarjejeniyar kanta, mai faɗarta ya ɗauki nauyin gaskiyarta. Kirari ba ya wahalar ganewa. Tsakanin bayani da sharaɗi ne aikin yake.

Dalilin da ya sa ake wahalar da kai a kan wannan rabe-rabe shi ne abin da wanda aka cuta zai samu a kotu. Idan sharaɗi aka saɓa, yana da haƙƙin diyya ko da mai sayarwa ya faɗi maganar da zuciya ɗaya, kuma ana auna diyyar ne don a kai shi matsayin da zai kasance da maganar ta zama gaskiya. Idan kuwa bayani ne ya zama ba daidai ba, babban abin da yake hannunsa shi ne warware cinikin, a mayar da kaya a karɓi kuɗi, kuma wannan dama tana iya kuɓucewa idan ya yi jinkiri, ko ya ci gaba da amfani da kayan bayan ya san gaskiya, ko kayan ba za su mayu yadda suke ba. Diyya a kan bayani tana buƙatar ƙarin hujja: ko a nuna an yi ƙarya da gangan ko da halin ko-in-kula, kamar yadda aka tsara a shari'ar Derry da Peek ta 1889, ko a nuna sakaci daga wanda aka dogara da saninsa, bisa tafarkin shari'ar Hedley Byrne da Heller. A Ingila dokar da majalisa ta yi a 1967 a kan bayanin da ba daidai ba ta sauƙaƙa samun wannan diyya ƙwarai. Dokokin majalisar Ingila da Najeriya ta gada kuwa su ne na gama-gari da suke aiki a ranar 1 ga Janairu 1900, don haka ta 1967 ba ta cikinsu. Wannan ya sa ga ɗalibin da yake amsa tambaya bisa dokar Najeriya tazarar da take tsakanin sharaɗi da bayani ta fi faɗi.

Ma'aunin da kotuna suke amfani da shi ya fito fili a shari'ar Heilbut, Symons da Buckleton, wadda kotun ƙoli ta Ingila ta yanke, aka buga ta a rahotannin shari'a na 1913. An ce abin dubawa shi ne niyyar ɓangarorin biyu, kuma ana gane niyyar ne daga duk abin da aka faɗa da abin da aka aikata. Ba a shiga zuciyar mutum a tambayi abin da ya ƙudurta. Ana ɗauka ne kamar wani mai hankali yana tsaye a gefe yana sauraron cinikin, sai a tambaya: shi wannan zai fahimci cewa mai maganar ya ɗauki alkawari, ko zai fahimci cewa abin da ya sani kawai ya faɗa? Duk sauran abubuwan da littattafai suke jerawa alamomi ne da suke taimakawa a amsa wannan tambaya ɗaya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da take yanke hukunci ita kaɗai.

Alamar da ta fi nauyi a yawancin tambayoyi ita ce wane ne ya fi sanin kayan. Shari'o'i biyu a kan mota suna nuna wannan sarai, kuma Lord Denning ya zauna a dukkansu. A shari'ar Oscar Chess da Williams ta 1957, wani mutum da ba sana'arsa ce mota ba ya kai wa kamfanin dillalai tsohuwar mota ƙirar Morris don a rage masa kuɗin sabuwa. Ya ce ƙirar 1948 ce, domin haka takardar rajistar motar ta nuna. Aka yi mata kuɗi fam 290. Bayan wata takwas dillalan suka gano ƙirar 1939 ce, wani ne can baya ya sauya takardar, kuma da sun sani fam 175 za su yi mata. Suka nemi cikon fam 115. Kotun ɗaukaka ƙara, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya, ta ce maganar bayani ce. Mutumin abin da takarda ta ce ya maimaita, su kuwa dillalan suna da hanyar tantancewa, domin da lambar inji da ta gangar jiki za su iya tambayar kamfanin da ya ƙera motar, kamar yadda suka yi daga baya.

Bayan shekara takwas, a 1965, aka zo da shari'ar Dick Bentley da Harold Smith. A nan dillali ne ya gaya wa mai saye cewa motar, ƙirar Bentley, mil 20,000 kawai ta yi tun da aka sauya mata inji da giyabos, alhali abin da ta yi ya ninka haka nesa ba kusa ba. Kotu ta ce wannan sharaɗi ne. Dillalin yana cikin sana'ar, yana da halin binciken tarihin motar, ya faɗi lamba takamaimiya ba tare da ya bincika ba, mai saye kuma ya dogara da shi. Maganganun biyu iri ɗaya ne, shekarar mota da tafiyar mota, amma hukuncin ya bambanta saboda bakin da maganar ta fito. Ɗalibin da ya ambaci ɗaya daga cikin shari'o'in ya bar ɗaya ya yi rabin aiki, domin a kwatanta su ne ake ganin ƙa'idar.

Alama ta biyu ita ce muhimmancin maganar ga mai saye, da sharaɗin cewa ya bayyana muhimmancin a fili. A shari'ar Bannerman da White ta 1861, wani ɗan kasuwa yana son sayen wani tsiro da ake haɗa barasa da shi. Ya tambayi manomin ko an yi wa gonar magani da farar wuta, ya kuma ce idan an yi ko farashi ba zai tambaya ba. Manomin ya ce ba a yi ba. Ashe an yi a eka 5 cikin eka 300. Kotu ta ce sharaɗi ne, domin a kan wannan magana aka gina cinikin gaba ɗaya. Abin lura shi ne mai sayen ya furta. Idan a labarin jarrabawa an ce abu yana da muhimmanci a zuciyar mai saye amma bai gaya wa kowa ba, wannan shari'a ba za ta taimake shi sosai ba.

Ta uku ita ce ko mai sayarwa ya ɗauki nauyin maganar ko ya ture shi. A shari'ar Schawel da Reade ta 1913, mai saye yana cikin duba ingarman da yake so don kiwo, sai mai dokin ya ce masa ba sai ya duba ba, dokin lafiyarsa ƙalau, da akwai matsala da ya gaya masa. Ya daina dubawa, ya saya bayan makonni, dokin kuwa bai dace da aikin ba. An ɗauki maganar a matsayin sharaɗi. A shari'ar Ecay da Godfrey ta 1947 kuwa, mai sayar da jirgin ruwa ya ce jirgin lafiya lau yake, amma ya ba mai saye shawarar ya kawo masani ya duba. Wannan shawara ta nuna bai ɗauki alkawari ba, maganar ta tsaya a bayani.

Sai lokaci da rubutu, waɗanda sukan zo tare. A shari'ar Routledge da McKay ta 1954, mai sayar da babur ya ce ƙirar 1942 ne, bisa takardar rajista, alhali na 1930 ne. Bayan mako guda aka rubuta yarjejeniya, ba a sa shekarar a ciki ba. Kotu ta ce bayani ne. Hikimar ita ce mutanen da suka zauna suka rubuta abin da suka amince da shi, abin da suka bari a waje ana kyautata zaton ba su ɗauke shi alkawari ba, tazarar kwanakin kuma ta ba mai saye damar bincike. A Najeriya Dokar Shaida ta 2011 ma tana da ƙa'idar cewa ba a kawo shaidar baka don a sauya ko a ƙara a kan yarjejeniyar da aka rubuta, tare da wasu togaciya. Amma wannan alama ba katanga ba ce. Kotu tana iya cewa kwantiragin rabinsa a rubuce yake rabinsa da baki, ko ta ce maganar bakin ta zama ƙaramar yarjejeniya ta gefe wadda saboda ita aka shiga babbar. A shari'ar Couchman da Hill ta 1947, an tabbatar wa mai saye da baki a wurin gwanjo cewa ba a yi wa karsana barbara ba, ashe tana da ciki, ta mutu ta dalilinsa. Duk da rubutattun ƙa'idojin gwanjon da suke cire alhaki daga mai sayarwa, tabbacin bakin ne ya yi rinjaye.

Yanzu mu ɗauki tambaya irin wadda malami zai iya tsarawa. Wata Hajiya tana son sayen injin casar shinkafa na hannu daga wani dillali a Kano wanda sana'arsa ke nan, yana saye, yana gyarawa, yana sayarwa. Ta gaya masa ta karɓi kwangilar kai wa wata makaranta shinkafa, kuma idan injin ba ya cashe buhu 30 a rana ba ta da buƙatarsa. Dillalin ya ce mata abu uku. Ya ce duk Kano babu inji kamarsa. Ya ce yana cashe buhu 40 a rana, shi da kansa ya gyara shi ya gwada. Ya kuma ce ƙirar 2019 ne, haka aka rubuta a jikinsa, haka wanda ya sayar masa ya ce, amma ta kawo makanikenta ya duba. Ba ta kawo ba. Bayan kwana goma ta biya naira miliyan 6, aka ba ta rasit mai ɗauke da sunan injin da farashi kawai. Da aka fara aiki sai injin ya tsaya a buhu 18 a rana, aka kuma gano ƙirar 2012 ne. An ce ka ba Hajiya shawara.

Matakin farko shi ne ka ware maganganun, ka bi kowace ita kaɗai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dunƙule su a ce "maganganun dillali" sharaɗi ne ko bayani ne, alhali malamin ya sa uku ne domin amsarsu ta bambanta. Ta farko layi biyu ya ishe ta: kirari ne, ba a iya auna shi, babu haƙƙi a kansa.

Maganar buhu 40 ita ce zuciyar tambayar, a nan ya kamata mafi yawan tawada ta ƙare. Abubuwa uku suna goyon bayan Hajiya. Ta bayyana muhimmancin yawan casar tun kafin a yi maganar kuɗi, kamar mai sayen da yake shari'ar Bannerman. Dillalin masani ne a kan injin, ita kuwa ba haka ba, kamar yadda yake a shari'ar Dick Bentley. Kuma bai ce ji ya yi ba, cewa ya yi shi ya gyara ya gwada, wato daga saninsa na kansa maganar ta fito. Abubuwa biyu suna goyon bayan dillalin: kwana goma sun wuce kafin a biya, kuma rasit bai ambaci yawan casa ba, abin da yake kama da shari'ar Routledge. Amsa mai kyau ba ta tsayawa a lissafin uku da biyu, tana auna nauyin kowanne. Rasit mai ɗauke da suna da farashi shaidar biyan kuɗi ce, da wuya kotu ta ɗauke shi a matsayin cikakkiyar yarjejeniya. Tazarar kwana goma kuma ba ta kai makonnin da suka wuce a shari'ar Schawel ba, inda duk da haka aka ce sharaɗi ne. Akwai kuma tarko a nan: shawarar kawo makanike a kan shekarar ƙira aka ba da ita, don haka sai ɗalibi ya tambaya ko ta shafi maganar yawan casa. Lauyan dillali zai ce makanike zai duba injin ne gaba ɗaya. Lauyan Hajiya zai ce wanda ya ce shi ya gwada da hannunsa ya riga ya cire mata buƙatar gwaji. A ganina hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma kotu za ta fi karkata ga cewa sharaɗi ne.

Maganar ƙirar 2019 ta fi santsi. Dillali ne ya faɗe ta, wannan yana ja zuwa Dick Bentley, domin yana da halin binciken lambar injin. Amma ya faɗi inda ya samo ta, ya nuna maimaitawa yake yi kamar mai motar da yake shari'ar Oscar Chess, ya kuma ce a kawo mai dubawa kamar a shari'ar Ecay. Hajiya ma ba ta taɓa cewa shekarar ta dame ta ba. Mai hankalin da yake tsaye a gefe zai ji mutum ne yana faɗin abin da ya gani a rubuce, yana kuma janye jikinsa daga alhakinsa. Bayani ne, mafi rinjaye. Ɗalibi mai zurfi zai ƙara layi ɗaya ko biyu a kan sashe na 13 na Dokar Sayar da Kaya ta 1893, ko takwararta a jihar da ta yi tata dokar, wanda ya ce idan an sayar da kaya bisa siffantawa dole kayan su dace da siffar. Sai dai wannan yana buƙatar a nuna cewa mai saye ta dogara da siffar har ta zama ginshiƙin cinikin, kuma a labarin nan hakan yana da rauni.

Bayan an rarrabe, sai a bi kowace magana zuwa abin da za a samu, domin shawara aka nema. A ce injin da yake cashe buhu 40 darajarsa naira miliyan 7 ce, wanda aka ba ta kuwa miliyan 4. Idan maganar casa sharaɗi ce, diyyar kwantiragi ita ce tazarar abin da aka yi mata alkawari da abin da ta samu, wato miliyan 3. Tana kuma iya neman asarar ribar kwangilar makarantar, tun da ta sanar da dillalin kwangilar lokacin ciniki, abin da ƙa'idar shari'ar Hadley da Baxendale ta 1854 take buƙata ga asarar da ba ta yau da kullum ba. Idan kuwa kotu ta ce bayani ne, kuma Hajiya ta iya tabbatar da yaudara ko sakaci, ma'aunin shi ne a mayar da ita inda take kafin cinikin: ta biya miliyan 6 ta samu abin miliyan 4, tazarar miliyan 2 ke nan, tare da asarar da ta biyo baya kai tsaye. Idan ba ta iya tabbatar da ko ɗaya ba, warware ciniki ne kawai ya rage, shi ma idan ba ta ci gaba da casa da injin ba bayan ta san gaskiya. A nan ɗalibi zai lura cewa dillalin ya ce ya gwada. In har bai gwada ba, ƙofar ƙarar yaudara ta buɗe.

Akwai rabe-rabe na biyu da yake rikita ɗalibai, wato tsakanin babban sharaɗi, wanda saɓa shi yake ba da damar fita daga kwantiragin, da ƙaramin sharaɗi, wanda diyya kawai yake jawowa. Wannan mataki ne na gaba, ba a taɓa shi sai an gama tabbatar da cewa maganar sharaɗi ce. A tsofaffin hukunce-hukunce alƙalai sukan yi amfani da kalmar waranti da nufin kowane irin alkawarin kwantiragi, ba ƙaramin sharaɗi kaɗai ba, don haka a karanta su da lura. Ga Hajiya, tun da ta ce ba ta buƙatar injin da bai kai buhu 30 ba, akwai hujja mai ƙarfi cewa babban sharaɗi ne, sai dai idan ta riga ta karɓi kayan a idon doka, wanda hakan yake mayar da haƙƙinta zuwa diyya.

Ana gane amsar da ta kauce ta hanyoyi kaɗan. Wata takan jera alamomin da shari'o'insu daidai, shafi guda cur, ba tare da ta ambaci Hajiya ko injinta ba sai a layin ƙarshe. Wata takan ce tun da maganar ce ta ja Hajiya ta saya to sharaɗi ce, alhali bayani ma dole ya ja mutum kafin a yi ƙara a kansa, don haka jan hankali ba ya raba su. Wata kuma takan ƙi yanke hukunci, ta ce ya danganta da kotu, ta tsaya. Malamin da ya tsara tambayar da gangan ya sa alamomin suka ci karo, kuma yana ba da maki ne a kan yadda aka auna su aka fitar da matsaya. Saboda haka ka faɗi ɓangaren da ya fi rinjaye da dalilinka, sannan ka rubuta ɗan sakin layi da zai fara da "idan kuwa kotu ta ga akasin haka", ka bi ɗaya hanyar zuwa ƙarshenta. Kafin ka fara rubutu, ja layi a ƙarƙashin kowace magana da aka faɗa a labarin, ka rubuta a gefenta wanda ya faɗe ta, ranar da aka faɗe ta, da abin da ɗaya ɓangaren ya ce kafinta da bayanta.